Canji ne gaba ko farashi? Rikicin jeri a VAR

Nasiru: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Na maƙale a babi na huɗu na kundina, ina neman agaji. Ina auna yadda faɗuwar naira ke shiga farashin kaya, da VAR mai bariyabul huɗu: farashin ɗanyen mai, canjin dala, hauhawar farashi, da kuɗin ruwa na Babban Banki. Alƙaluman wata-wata ne, daga 2010 zuwa 2024. Da na sa canji a gaban farashi a akwatin Cholesky Ordering na EViews, martanin farashi ya tashi tun watan da aka yi girgizar canjin, ya ƙara hawa a wata na gaba, sannan ya fara sauka. Da na juya na sa farashi gaba, sai layin ya fara daga sifili cak, kuma ko rabin tsayin na farko bai kai ba. Alƙaluma ɗaya, lag ɗaya, komai ɗaya. Malamin da ke duba ni ya ce kada in dawo sai da hujjar jerin da na zaɓa. Wanne ne daidai?

Buhari: Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ne. Ka buɗe Lag Length Criteria ka bi abin da AIC ko SC suka nuna. Wata-wata ne, kada ka yi mamaki in ya ba ka uku ko huɗu.

Nasiru: Na gode Buhari, amma lag na riga na tsayar, biyu ne. Maganar wane bariyabul zai zo farko nake yi.

Malam Sani: Nasiru, mu yadda muke yi, sai a fara gwajin Granger. Wanda ya haifar da ɗan'uwansa shi ake sawa gaba. In canji ne ke jan farashi a gwajin, to canji gaba, magana ta ƙare. Ai ƙa'idar ita ce wanda ya fi cin gashin kansa shi ke fara layi.

Dakta Hadiza: Malam Sani, rabin maganarka na ƙarshe haka yake, amma gwajin Granger ba zai nuna maka shi ba. Abin da Granger ke tambaya shi ne ko canjin watannin baya na taimakawa wajen hasashen farashin wannan watan. Jerin Cholesky kuwa magana yake a kan abin da ya faru a cikin wata ɗaya: naira ta faɗi a watan Maris, farashi ma ya yi tsalle a watan Maris ɗin, wa ya taɓa wa? Kana iya samun Granger mai ƙarfi daga canji zuwa farashi, amma a cikin watan ya zama farashi ne ke motsa canji. Tambayoyi ne biyu.

Nasiru, kafin in yi nisa, buɗe mini teburin alaƙar ragowar, wato abin da ya rage a kowane layi bayan model ya cire abin da ya iya hasashe. A EViews yana ƙarƙashin Residuals, Correlation Matrix. Nawa ne tsakanin canji da farashi?

Nasiru: Dakta, ya haura rabi. Sauran duk ƙanana ne, ban da mai da canji da ke da ɗan ƙarfi, shi kuma da alamar ragi.

Dakta Hadiza: To a nan ciwon yake. Bari in rage su zuwa biyu, canji da farashi, in ɗauko lambobi masu sauƙi na misali, ba na Najeriya ba ne, don kowa ya iya binsu da biro.

A ce ragowar canji tana yawo da kashi 4 cikin ɗari a wata, ragowar farashi da kashi 1, alaƙarsu kuma 0.6. In canji ya hau, naira ce ta faɗi. Abin da alƙaluma suka ba ka duka lamba uku ne: yawon canji, yawon farashi, da alaƙarsu. Abin da kake nema kuwa lamba huɗu ne: yadda girgizar canji ke taɓa canji, yadda take taɓa farashi, yadda girgizar farashi ke taɓa farashi, da yadda take taɓa canji, duk a watan farko. Lamba uku ba za su haifi huɗu ba. Dole ka kawo ɗaya daga aljihunka. Cholesky yana kawo ta ne ta hanyar sa sifili a guri ɗaya, kuma jerin da ka rubuta shi ke faɗa masa inda zai sa.

In canji ne gaba, ka ce girgizar farashi ba ta taɓa canji a watan da ta auku. Sai lissafi ya fito haka:

```
                 canji   farashi
girgizar canji    4.0     0.6
girgizar farashi  0       0.8
```

0.6 ɗin nan alaƙar ce aka ninka da yawon farashi. 0.8 kuma abin da ya rage wa farashi na kansa, domin 0.6 sau 0.6 da 0.8 sau 0.8, wato 0.36 da 0.64, su ne 1.

In farashi ne gaba, ka ce girgizar canji ba ta taɓa farashi a watan da ta auku:

```
                 canji   farashi
girgizar canji    3.2     0
girgizar farashi  2.4     1.0
```

2.4 ɗin 0.6 ne sau 4, 3.2 kuma abin da ya rage, domin 2.4 sau 2.4 da 3.2 sau 3.2, wato 5.76 da 10.24, su ne 16, wato 4 sau 4. Duk teburin biyu suna mayar maka da ainihin lambobin nan uku da muka fara da su, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa babu gwajin da zai ce maka wannan ya fi wancan dacewa da alƙaluma. Kamar mutum biyu ne suka yi noma tare a wani yanki na gona, wanda ya fara zuwa da buhu ya kwashe duk amfanin yankin ya ce nasa ne. Wanda ka sa gaba shi ke kwashe duk motsin da suka yi tarayya a kai.

Nasiru: Ashe sifilin da na gani ba sakamako ba ne, ni na sa shi da hannuna.

Dakta Hadiza: Kai ka sa shi. Shi ya sa ba a rubuta "bincike ya gano cewa canji ba ya shafar farashi a watan farko" in farashi ne gaba. Na sha ganin wannan jimlar a kundin ɗalibai kuma tana damuna ƙwarai, domin mai karatu zai ɗauka an gano wani abu ne.

Buhari: Amma Dakta ai watan farko kaɗai ne ya bambanta. Daga wata na biyu lag ne ke aiki, su kuma lag ai ba sa canzawa.

Dakta Hadiza: Gaskiya ne ba sa canzawa, Buhari. Kowane layi na VAR ana ƙiyasta shi ne shi kaɗai da OLS, ko yaya ka jera sunayen lambobin lag ɗaya za su fito, hasashen wata mai zuwa ma ɗaya. Sai dai lag ɗin suna aiki ne a kan abin da ka ba su a watan farko. In mafarin ya bambanta, duk hanyar ta bambanta. Mu ci gaba da misalin, da lag ɗaya:

```
canji(t)   = 0.3*canji(t-1) + 0.5*farashi(t-1)
farashi(t) = 0.1*canji(t-1) + 0.6*farashi(t-1)
```

A jeri na farko mun fara da canji 4, farashi 0.6. Wata na gaba farashi zai zama 0.4 da 0.36, wato 0.76, canji kuma 1.5. Na gaba da shi farashi 0.61, sai 0.45, yana ta sauka. A jeri na biyu mun fara da canji 3.2, farashi sifili. Wata na gaba farashi 0.32, sai 0.29, sai 0.22. Ka ga siffar da Nasiru ya faɗa ke nan, ɗaya ya fara a sama ya yi tudu, ɗaya ya fara a ƙasa bai kai rabi ba.

Abin da Nasiru ke so a ƙarshe shi ne kason faɗuwar naira da ke shiga farashi. Sai a tara martanin farashi na duk watanni, a raba da tarin martanin canji. A jeri na farko farashi ya tara kusan 3.57, canji 8.26, kaso 43 cikin ɗari ke nan. A na biyu farashi 1.39, canji 5.57, kaso 25 cikin ɗari. Wanda zai ba gwamnati shawara, ko naira ta faɗi da kashi 10 farashi ya hau da fiye da 4 ne ko da 2 da rabi, ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma duk daga inda aka sa sifili guda ya fito.

Ku lura kuma girman girgizar ma ba ɗaya ba ne, 4 ne a can, 3.2 a nan. In kana kwatanta zane biyu da ido ba ka raba da girman girgizar ba, wani ɓangare na bambancin daga nan yake.

Rukayya: Anti Hadiza, ni abin ya bambanta a wurina. Da Stata nake aiki, kuma na juya jerin gaba da baya, zanen bai motsa ko kaɗan ba. Na ɗauka nawa ne ya tsira.

Dakta Hadiza: Me kika rubuta wajen zana shi?

Rukayya: `irf graph irf`

Dakta Hadiza: Shi ne dalili. Wannan yana motsa ragowa ɗaya ne da maki guda, ya bar sauran a sifili, kamar ba su da alaƙa da juna. Bai taɓa shiga Cholesky ba, don haka jeri ba ya shafarsa. In ragowar naki na da alaƙa, yana nuna miki abin da ba ya faruwa a alƙaluman. Yi haka ki gani:

```
irf create a, order(canji farashi) set(gwaji)
irf create b, order(farashi canji)
irf graph oirf, impulse(canji) response(farashi)
```

Rukayya: Na gwada. Sun rabu, amma kaɗan ne, layukan gefen ma sun hau kan juna.

Dakta Hadiza: To naki alaƙar ragowar ƙarama ce, ki duba za ki gani. In alaƙar sifili ce, duk jeri amsa ɗaya yake bayarwa. Ki saka teburin alaƙar a kundin, ki nuna zanen biyu, kin gama. Nasiru ne ke da aiki.

Malam Sani: Dakta, to me zai hana ya huta ya danna Generalized Impulses? Pesaran da Shin tun 1998 suka fito da shi don wannan matsalar. Ba ruwansa da jeri. Ɗalibaina da yawa shi suke amfani da shi kuma ba a taɓa dawo musu da aiki a kansa ba.

Dakta Hadiza: Ba ruwansa da jerin da ka rubuta, haka ne. Amma duba abin da yake yi. Martanin da zai ba ka na girgizar canji daidai yake da na Cholesky in canji ne farko, 4 da 0.6. Na girgizar farashi kuma daidai yake da na Cholesky in farashi ne farko, 2.4 da 1. Kowa ya zama na farko a lokacin da ake tambayarsa. Motsin tarayyar nan an ba canji, an kuma sake ba farashi. Haɗa na canji ka gani: 16 da 5.76 sun ba da 21.76, alhali yawon canji in an ninka shi da kansa 16 ne kacal. Shi ya sa rabon yawo da ake yi da shi ba ya cika ɗari daidai sai an gyara da hannu.

Yana da amfani in tambayarka ita ce me aka saba gani a farashi duk watan da canji ya yi tsallen ba-zata. Nasiru ba haka yake tambaya ba. Yana so ya ce faɗuwar naira ce ta jawo kaza. In ya danna wancan, ya zaɓi canji gaba ke nan ba tare da ya faɗa ba.

Malam Sani: Na ji bayanin, amma ban yarda a ce ba shi da wuri a nan ba. Ɗalibin da ba shi da hujjar ko wane jeri, gara ya nuna wannan ya faɗi iyakarsa, da ya ƙirƙiro labarin da shi kansa bai yarda da shi ba.

Dakta Hadiza: In zai faɗi iyakar a fili, ba ni da ja.

Murtala Illela: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malami ba ne, karatun ga na bar shi tun digirin farko, kasuwa nike. Amma maganar wai canji ba ya taɓa farashi cikin wata, wanga ba ya yiwuwa. Ranar da sefa ta tashi a Illela, mai shagon da ya ɗauko kaya ta Ƙonni kafin la'asar ya sake kuɗi. Yaron shago zai ce maka tsaya in bugo wa maigida, ya dawo da sabon farashi, kayan kuma na jiya ne a kan kanta. Masu waya da kayan gyaran babur ma haka. Kuma ba na shigowa kaɗai ba. In naira ta faɗi, mutanen Nijar na shigowa da sefa su kwashi hatsi don ya yi musu araha, sai buhu ya tashi a wurinmu cikin kasuwa ɗaya ko biyu. Don haka ni canji nika sawa gaba.

Malam Aliyu: Murtala, abin da ka faɗa gaskiya ne a Illela, amma ka dubi ɗaya gefen. In ka sa canji gaba, ka ce ke nan canji ba ya jin labarin farashi sai wata ya juya. Ni a banki nake, na san ba haka ba ne. Canji farashin kadara ne, cikin minti yake motsi. Mai kuɗi a hannu da ya ga kaya na tashi kullum, ba zai jira Hukumar Ƙididdiga ta fitar da rahoto a tsakiyar wata mai zuwa ba, yau zai je ya sayi dala ya ajiye. Shi ya sa masu nazarin manufofin kuɗi da yawa suke sa canji a ƙarshe, su sa abubuwa masu nauyin jiki kamar samar da kaya da farashi a gaba. Kuma ma'aunin farashi na ƙasa ba kayan kan iyaka kaɗai ba ne. Akwai kuɗin haya da kuɗin makaranta a ciki, waɗanda sai shekara ko zango ake taɓa su.

Murtala Illela: Yallaɓai, haya nawa ce a kwandon in an gwada da abinci? Abinci ne ke cin kuɗin talaka.

Malam Aliyu: A tsohon kwandon abinci ya kai kusan rabi, ban musa ba. Amma gero da doya da tumatir damina da hanya da tsaro suka fi motsa su.

Dakta Hadiza: Ku biyun kowa na da gaskiya, kuma wannan shi ne abin da ya sa tambayar Nasiru ta yi wuya. Masu auna shigar canji cikin farashi sun saba bin hanyar kaya: mai, sannan canji, sannan farashin kayan shigowa, sannan na masu sarrafawa, sannan na mai saye. Masu auna tasirin kuɗin ruwa sun saba sa canji a ƙarshe. In duka hanyoyin biyu suna aiki a cikin wata guda, to babu sifilin da yake gaskiya, kuma Cholesky kowanne iri yana karkata.

Abin da za a iya cewa shi ne wannan. In ka yarda cewa girgizar canji ba ta saukar da farashi, girgizar farashi kuma ba ta ƙarfafa naira a watan farko, kuma girgiza biyu ne kaɗai a duniyar misalinmu, to amsar tana tsakanin 25 da 43. Jerin biyu sun zama katanga biyu. Wannan shi ne tunanin da ke bayan hanyar ƙayyade alama maimakon sifili, wadda aka fi sani da aikin Uhlig na 2005. Ba ta ba ka lamba ɗaya, tazara take ba ka. Amma in ka bar ƙofa cewa tashin farashi na iya sa Babban Banki ya matsa har naira ta ƙarfafa a watan, amsar tana iya fita ta saman 43.

Wani abu kuma, tsawon lokacin alƙaluma yana da tasiri sosai. Cewa "ba ya taɓa shi a cikin mako" abu ne da za a iya karewa. A cikin wata, da ƙyar. Waɗanda ke yin VAR da alƙaluman shekara-shekara su sa Cholesky suna cewa ne canji ba ya taɓa farashi tsawon shekara guda, ko akasin haka, kuma ba wanda zai tsaya a gaban mutane ya kare wannan.

Nasiru: Dakta, to da bariyabul huɗu jeri 24 ke nan. In gwada duka in zuba a rataye?

Dakta Hadiza: Ba sai ka yi 24 ba. Girgiza ɗaya kake bi, ta canji. Martaninta ya dogara ne kawai ga su wa ke gabanta da su wa ke bayanta. Yadda na gaban suka jeru a tsakaninsu, ko na bayan, ba ya canza komai. Christiano, Eichenbaum da Evans sun yi amfani da wannan a nazarinsu na 1999 kan girgizar manufofin kuɗi. Saura uku, kowanne ko gaba ko baya, hanya 8 ke nan. Mai kuma ba a muhawara a kansa, Najeriya ba ta isa ta juya farashin ɗanyen mai na duniya da hauhawar farashinta ba, don haka yana gaba koyaushe. Saura 4. Ka ce alaƙar ragowar kuɗin ruwa da sauran ƙarama ce, to wurinsa ba zai yi tasiri sosai ba. Ka koma kan biyun da ka fara da su.

Game da mai, ka lura cewa sa shi farko yana hana sauran taɓa shi ne a watan farko kaɗai. Lag ɗin canji da na farashi suna nan a layinsa. In kana so ya zama na waje da gaske, sai ka cire su daga layin, ko ka shigar da shi a matsayin bariyabul na waje.

Malam Aliyu: Nasiru, wane canji ma ka ɗauka? Na hukuma ko na kasuwar bayan fage?

Nasiru: Na hukuma, Yallaɓai, shi ne nake da shi cikakke.

Malam Aliyu: To akwai magana. Na hukuma ya shekara da wani abu a tsaye wajen 197 kafin Yunin 2016, daga baya ya yi shekaru wajen 305 zuwa 306. Farashin da aka ɗaure ba ya jin labarin komai a cikin wata, don haka a waɗannan shekarun sa shi gaba yana da hujja, a nan na bi Murtala. Amma bayan 14 ga Yunin 2023 da aka haɗe kasuwannin aka sake shi, ya zama mai motsi da labari. Jeri ɗaya ba zai dace da zamani biyu ba. Ɗan kasuwar Illela kuma ba da na hukuma yake sa kuɗin kayansa ba a wancan lokacin.

Dakta Hadiza: Wannan ya kai mu inda na fi jin tsoro. Nasiru, zana ragowar canji a kan lokaci ka duba da idonka. Ina sa ran za ka ga layi kwance da 'yan tsinaye ƙalilan: tsakiyar 2016, tsakiyar 2023, farkon 2024. In haka ne, alaƙar nan da ta haura rabi wataƙila watanni kaɗan ne suka haife ta. Kuma ka tuna abin da ya faru a 2023. An sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki, sannan aka saki naira bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A alƙaluman wata-wata duka biyun a Yuni suka sauka. Model ɗinka yana da ɗanyen mai na duniya, ba shi da fetur na gidan mai. Tsallen da farashi ya yi saboda kuɗin mota da dakon kaya zai zauna a ragowar farashi, a watan da ragowar canji ta yi tsini. In ka sa canji gaba, sai a ɗora wa naira laifin fetur. In ka sa farashi gaba, sai ya fito kamar hauhawar farashi ce ta karya naira, alhali shawarar hukuma ce. Babu jerin da zai gyara wannan, domin mai laifin na uku ba ya cikin ɗakin.

Murtala Illela: Rufe boda ma na 2019 ya tashi shinkafa ba tare da dala ta motsa ba. Mu muka gani.

Dakta Hadiza: Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, haka ne. Wannan zai shiga girgizar farashi ta kanta, bai kai na fetur haɗari ba tunda farkonsa bai zo tare da tsallen canji ba.

Nasiru, ga abin da zan yi in ni ce. Ka saka farashin fetur na gidan mai a model, gaban canji, tunda a yawancin shekarun hukuma ce ke yanke shi. In ba ka samu ba, ka sa alamar sifili-da-ɗaya a watan. Ka sake duba alaƙar ragowar. A R layi kaɗan ne:

```r
library(vars)
m <- VAR(d[, c("mai","fetur","canji","farashi","ruwa")], p = 2)
cor(residuals(m))
irf(m, impulse = "canji", response = "farashi",
    n.ahead = 24, cumulative = TRUE)
```

A nan jerin ginshiƙan shi ne jerin Cholesky, ba wani akwati na daban. Sannan ka yanke alƙaluman a Mayun 2023 ka sake yi. In alaƙar ta zube, jerin biyu za su matso kusa da juna, kuma ka san daga ina rigimar ta fito. In ba ta zube ba, ka zaɓi jeri ɗaya a matsayin babba, ka rubuta sifilinsa da kalmomi a sakin layi guda, ka sa zanen ɗaya jerin a gefensa a shafi ɗaya, ka ba da kason a matsayin tazara.

Malam Aliyu: Fetur gaban canji zai yi kafin 2023. Bayan nan kuɗin fetur da dala yake tafiya, ana shigo da shi ne a lokacin. Ka sake faɗawa cikin matsalar da kake gudu.

Dakta Hadiza: Shi ya sa na ce ya yanke. Ɓangaren baya kuma watanni 19 ne kawai zuwa ƙarshen 2024, ba za su ɗauki VAR mai bariyabul biyar da lag biyu ba, kowane layi lamba 11 yake ci.

Nasiru: Na zana ragowar, Dakta. Yadda kika faɗa haka take, kwance da tsinaye. Na yanke a Mayun 2023, alaƙar ta sauka sosai amma ba ta ɓace ba, tsinin 2016 na nan. Zan nemo farashin fetur na wata-wata. Tambayata ta ƙarshe a yau: in na koma canjin bayan fage kamar yadda Malam Aliyu ya nuna, hujjar "an ɗaure shi" ta tafi. A nan wa zan sa gaba?

Malam Aliyu: Farashi. Bayan fage ba ya jiran kowa, a ƙarshe ya kamata ya zauna.

Murtala Illela: Ni dai canji. Shi ɗan kasuwa ke dubawa da safe kafin ya buɗe shago.

Rukayya: In ya sa duka biyun fa, na hukuma gaban farashi, na bayan fage a bayansa?

Dakta Hadiza: Ana iya yi, Rukayya, amma sai ya yanke wace girgiza yake kira faɗuwar naira, domin yanzu biyu ne, kuma ta bayan fage za ta fara daga sifili a farashi, abin da Murtala ya ce ba ya faruwa. Nasiru, turo mini teburin alaƙar ragowar da canji biyun a ciki, na kafin Yunin 2023, mu ga wanne ne ke tafiya da farashi a cikin wata kafin a zaɓa.